Kaji na mutuwa a gonata, ku duba min wannan takardar kafin in kai wa likitan dabbobi

Malam Sanusi Rigachikun: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina cikin tashin hankali. Kajina masu ƙwai suna ta faɗuwa tun ranar Litinin, yau Laraba da yamma mun kwashe gawa ta 80. Wani maƙwabcina ya ce in rubuta wa jami'in lafiyar dabbobi takarda ya zo ya gani. Ga abin da na rubuta, don Allah wanda ya san kan abin ya duba:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya da iyali. Ina mai baƙin cikin sanar da kai cewa annobar farin kashi ta shigo gonata, kaji suna ta mutuwa ba adadi. Na yi asara mai yawa, kuma da wannan kiwon nake riƙe da iyalina. Ina roƙon ka taimaka ka zo da magani cikin gaggawa, Allah ya saka da alheri."

Ta yi haka, ko da abin da zan ƙara?

Maman Khalifa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri Malam. Tamanin a kwana uku? Guda nawa ne duka?

Malam Sanusi Rigachikun: Amin Hajiya. 820 ne, sati 34 da haihuwa. Yanzu ne fa suka kama ƙwai sosai.

Bala Mai Ƙwai: Malam bar ɓata lokaci da takarda. Kafin a karanta ta a ofis kajin sun ƙare. Sanyin hunturun nan ne, kowace shekara haka yake yi. Ka samo antibayotik mai ƙarfi ka haɗa da bitamin ka zuba a ruwa kwana biyar, ka rufe tagogi da buhu. Bara wani da nake ɗaukar ƙwai a wajensa a Mando haka kajinsa suka fara, fuska ta kumbura, da ya ba su magani kwana biyu mutuwar ta tsaya cak.

Malam Sanusi Rigachikun: Na ba su ai Bala. Tun Litinin da dare na zuba musu oksitetarasaikilin. Kamar ma ƙara musu wuta na yi.

Dakta Lawal: Wa alaikumus salam. Malam Sanusi, Allah ya ba ka haƙuri, ya musanya maka da mafi alheri. Na yi ritaya daga wannan aiki, amma na karanta irin takardar nan taka ba iyaka, don haka zan faɗa maka gaskiya: in ta zo teburina, ba abin da zan iya yi da ita. Ban san kaji nawa gare ka ba, ban san nawa suka mutu ba, ban san ina gonar take ba. "Ba adadi" ba lissafi ba ne. Mutumin da kaza goma suka mutu masa cikin wata guda shi ma haka yake rubutawa, kuma jami'in da ke da babur ɗaya da gonaki da yawa dole ya zaɓi inda zai fara zuwa. Lissafin da ka ba shi ne zai sa ya ajiye komai ya taho.

Sai kuma sunan cutar da ka sa. Cire shi. Kai ba ka san farin kashi ba ce, ni ma daga nan ban sani ba. Da ka rubuta sunan cuta, ka riga ka ba shi amsa, zai iya cewa ka je ka sake allurar rigakafi ya wuce wajen. Kai dai rubuta abin da idonka ya gani.

Kafin mu gyara takardar, amsa min: kowace rana nawa suka mutu? Ɗaki ɗaya ne ko biyu, kuma a wanne aka fara? Me kake gani a jikin wadda ta mutu da wadda ke shirin mutuwa? Ƙwai da cin abinci fa?

Malam Sanusi Rigachikun: To Dakta, na gode. Litinin 4, Talata 19, yau Laraba 57. Ɗaki biyu ne, na gabas mai 420 wanda ke kusa da ƙofar gona, da na yamma mai 400. Duk a na gabas ake mutuwar, sai yau da la'asar muka ga uku a na yamma. Huɗun farko lafiya lau muka bar su da dare, da safe muka tarar da su a kwance, ɗaya ma a cikin akwatin ƙwai. Na jiya da na yau kuwa za ka ga kaza ta takure ta runtse ido, gashi a tashe, kai ya kumbura, zanko da leɓe sun yi baƙi-baƙi kamar an shafa musu shuni. Yarona Isiya ya nuna min ƙwaurin wasu, jini ya kwanta ja a ƙarƙashin fata kamar an buge su da sanda. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun. Da in ka buɗe ƙofa hayaniyarsu har bakin titi, yanzu ɗakin gabas tsit kamar masallaci bayan isha'i.

Ƙwai muna kwasar kiret 23 a rana, yau 9 muka samu, wasu ɓawon taushi kamar leda. Abinci buhu 4 suke ci, yau ko buhu biyu ba su gama ba.

Alhaji Ɗanjuma Kujama: Ni ma fa awakina ne, tun da na sayo wata akuya a kasuwa suke ta majina da gudawa, bakinsu duk gyambo, shida sun tafi. Dakta wane magani zan ba su? Ko wannan na kajin zai yi?

Dakta Lawal: Alhaji, na kajin ba zai yi ba. Ware marasa lafiyar yau ɗin nan, kada ka kai ko ɗaya kasuwa, ka buɗe naka zancen daban mu tattauna, don kada a cakuɗa. Amma takardar da za mu gyara wa Malam Sanusi kai ma irinta kake bukata, sai ka sa awaki a inda aka ce kaji, ka kuma rubuta ranar da akuyar nan ta shigo.

Malam Sanusi, daga yanzu kulle ƙofar gonar. Kada kaza, ƙwai, kiret, taki ko buhun abinci ya fita, kada baƙo ya shiga. Ba zan ɓoye maka ba, abin da ka zayyana ya sa dole a yi zargin murar tsuntsaye har sai gwaji ya ce ba ita ba ce. Daga 4 zuwa 19 zuwa 57, kullum tana ninkawa sau uku ko fiye, ga jini a ƙwauri, ga zanko ya canza launi, ga magani bai taɓa ta ba. Niyukasil mai zafi, wadda ka kira farin kashi, ita ma tana iya yin kusan haka, kuma ba likitan da zai rantse ya raba su da ido. Sai a ɗakin gwaji.

Kuma kada ka jira takarda. Nemi lambar jami'in ka kira shi a daren nan, ka karanta masa lissafin nan kamar yadda ka rubuto mana. Takardar shaida ce ta biyo bayan kiran.

Bala Mai Ƙwai: Haba Dakta, daga kumburin fuska sai a ce murar tsuntsaye? Na Mando ɗin nan fa da idona na gani sun warke.

Dakta Lawal: Ban ƙaryata ka ba Bala, abin da ka gani yana faruwa. Akwai kwalarar kaji, tana kumbura leɓe, tana kashe manyan kaji farat ɗaya, kuma ita antibayotik yana kama ta, cikin kwana biyu za ka ga mutuwa ta ragu. Mai yiwuwa ita ce a Mando. Amma ka duba nan, kwana biyu ana ba da magani mutuwar tana hawa. Wannan kansa labari ne, shi ya sa dole a sa shi a takardar, da sunan maganin da ranar da aka fara. Manoma da yawa suna ɓoye maganin da suka bayar don kada a yi musu faɗa, sai a ɗauki samfuri a kai gwaji a rasa dalilin da ƙwayar cutar ba ta fito ba.

Injiniya Nura: Ni tawa shawarar a kan takardar ce. Ofishin gwamnati ne fa, a rubuta da Turanci a buga a kwamfuta, a sa kanun magana da lambar fayil. Da Hausa da biro ba za su ɗauke ta da muhimmanci ba. Sannan abinci nake zargi. Masara in ta yi fumfuna tana kashe kaji sosai, ni ta taɓa yi min.

Maman Khalifa: Injiniya mutum kajinsa na zuba kamar ganyen darbejiya kana maganar kwamfuta? A Kaduna muke fa.

Dakta Lawal: Hajiya ta faɗa. Hausa ta isa, biro ma ya isa. In jami'in ba ya jin Hausa sosai, lambobi da kwanan wata kowa na karanta su, kuma akwai mai fassara masa a ofis. Wanda Turanci ya fi masa sauƙi ya yi da Turanci. Abin da ke ciki ake dubawa.

Zancen abinci kuwa tambaya ce mai kyau, bari mai gona ya amsa. Malam Sanusi, ɗakunan biyu abinci ɗaya suke ci? Ruwa ɗaya? Yaushe ka buɗe wannan rukunin buhunan?

Malam Sanusi Rigachikun: Ɗaya ne Dakta. Buhu 60 na sauke sati biyu da suka wuce, daga nan ake ɗiba wa kowane ɗaki. Ruwa daga burtsatse ɗaya, tanki ɗaya.

Dakta Lawal: To ka gani Injiniya. Da abinci ne ko ruwa, da ɗakunan biyu tare za su kama, ba ɗaya ya yi kwana uku yana zuba ɗaya yana lafiya ba. Kuma fumfunar masara yawanci a hankali take cin kaji, ƙwai ya ragu, su rame, ba ta ninka gawa kullum. Abin da ya fara a ɗakin bakin ƙofa ya tsallaka na ciki bayan kwana uku, abu ne mai yaɗuwa, kuma da ƙafar wani ko kayan wani ya shigo. Saboda haka tambaya ta gaba, Malam, ka yi tunani da kyau: cikin sati biyu kafin Litinin, wa ya shiga gonar, da me ya shigo? Sannan yaushe ka yi Lasota ta ƙarshe, wato rigakafin Niyukasil?

Malam Sanusi Rigachikun: Lasota sati biyar ke nan, a ruwan sha, ni da kaina na sayo ta cikin ƙanƙara. Baƙi kuwa, ranar Juma'a mai sayen ƙwai ya zo da kiret ɗinsa na takarda, tsofaffi, don nawa sun ƙare. Ina masallaci, Isiya ya bar shi ya shiga ɗakin gabas suka kwashe tare. Ranar Asabar kuma masu sayen taki sun zo da a-kori-kura, amma su a waje suka tsaya, tsohon tari suka ɗiba. Sai agwagin maƙwabci da ke zuwa shan ruwa inda tanki ke ɗiga. Yanzu da nake rubutawa ne ma abin ke dawo min.

Bala Mai Ƙwai: Ah to, an zo wurin. Komai ya faru a gona sai a ce mai ƙwai ne. Mu ma fa neman halaliyarmu muke. Agwagin fa, su ba a gan su ba?

Dakta Lawal: An gan su Bala, su ma za su shiga takardar. Agwagwa tana iya ɗauke da cutar tana yawonta lafiya lau. Ba wanda ya ce laifin mai ƙwai ne. Amma kiret ɗin takarda ba ya wankuwa, kashin kaji da fasasshen ƙwai suna manne masa, yau yana wannan gona gobe yana waccan. Jami'in yana bukatar ya san daga wace gona mutumin ya zo ranar Juma'a da kuma wacce ya je bayan nan, don wataƙila akwai wani yanzu haka da kajinsa suka fara yin shiru bai san dalili ba. Masu takin ma haka, sai a san inda suka kai shi.

Hajiya Asabe Kakuri: Ku yi haƙuri, ni zan faɗi abin da kowa ke tunani ba ya so ya furta. Malam Sanusi, ka san abin da takardar nan za ta jawo? In suka ce murar tsuntsaye ce, har lafiyayyun nan 400 na ɗakin yamma za a kashe a binne. Ni an yi min. Na kai rahoto da hannuna, aka zo da fararen kaya aka gama da kajina a yini ɗaya, aka ba ni takarda na sa hannu, na yi ta sintiri a kan diyya har na gaji, abin da ya zo daga baya ko kuɗin abincin da suka ci bai kai ba. Maƙwabcina da ya yi shiru ya kira 'yan kasuwa da daddare ya sayar, shi ya tashi da jari. Ban ce ka yi haka ba. Amma a daina yi wa mutum kamar takarda ce za ta cece shi.

Maman Khalifa: Hajiya wallahi na ji zafin abin da ya same ki. Amma kajin da aka kwashe da daddaren nan ina suka je? Kasuwa, cikin keji ɗaya da na kowa, daga nan gidajen mutane. Ni kajina 150 ne a bayan gida, irin wannan ne ke gamawa da mu ƙanana ba mu san daga ina ba.

Dakta Lawal: Hajiya Asabe, ba zan yi miki musu a kan diyya ba. Tun 2006, da aka fara tabbatar da cutar nan a wata gona a Jaji, nan ƙaramar hukumar Igabi, wanda shi ne karon farko da aka ga nau'inta na H5N1 a Afirka gaba ɗaya, kuɗin da gwamnati ta fara sanarwa naira 250 ne kan kowace kaza, manoma suka yi ta kuka da shi. Da ta dawo a 2015 ma an sha jira. Ba zan yi wa Malam Sanusi alkawarin ko sisi ba, ba a hannuna yake ba.

Abin da zan iya faɗa shi ne wannan. In ita ce, kajin ɗakin yamma ba jari ba ne kuma, uku sun riga sun faɗi a can, cikin 'yan kwanaki za su bi na gabas ko an kashe su ko ba a kashe ba. Kuma a yadda muka yi aikin a lokacinmu, kajin da hukuma ta kashe da hannunta ake ƙirgawa, ba waɗanda suka mutu kafin a zo ba. Kin ga ke nan duk kwanan da ya ƙara yana shawara, lissafinsa ne ke raguwa. Amfanin takarda mai kwanan wata da hatimi ke nan: ta nuna ranar da ya sanar, da adadin da ke raye a ranar. In an yi jinkirin zuwa, ba daga gare shi ba ne.

Sannan cutar tana kama mutum, ko da yake ba kasafai ba. A 2007 ta kashe wata mata a Legas. Masu figa da masu yanka su ne a gaba.

Hajiya Asabe Kakuri: Na ji Dakta. Allah ya sa zamani ya canza. Ni dai abin da na gani na faɗa.

Malam Sanusi Rigachikun: Hajiya na gode da gaskiyarki, kuma ba zan ce tunanin bai zo min ba, ɗazu har lambar wani dillali na duba. Amma ba zan iya ba. Na kira jami'in yanzu, ya ɗauka, da na karanta masa 4, 19, 57 sai ya ce in maimaita. Ya ce in kawo a rubuce da safe. Ga yadda na sake ta:

"Zuwa ga Jami'in Kula da Lafiyar Dabbobi.

Rahoton mutuwar kaji farat ɗaya da neman a zo a duba.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Wannan ta biyo bayan kiran da na yi maka a waya daren Laraba.

Ina da kaji masu ƙwai 820, 'yan sati 34, a ɗaki biyu a ƙasa kan ɓuntu: na gabas 420, na yamma 400. Litinin 4 suka mutu, Talata 19, Laraba 57, jimla 80. Daga ciki 77 a ɗakin gabas ne, 3 a na yamma, kuma na yamman sai Laraba da la'asar suka fara.

Na farko sun mutu ba tare da alamar ciwo ba. Na baya suna takurewa, kai ya kumbura, zanko da leɓe su yi baƙi-baƙi, wasu da jini kwance a ƙwauri. Ƙwai ya sauka daga kiret 23 zuwa 9, da masu taushin ɓawo. Abinci daga buhu 4 zuwa ƙasa da 2.

Lasota ta ƙarshe sati biyar da suka wuce, a ruwan sha. Na ba su oksitetarasaikilin tun daren Litinin, ba sauƙi. Abinci da ruwa ɗaya ne a ɗakunan biyu.

Ranar Juma'a mai sayen ƙwai ya shiga ɗakin gabas da tsofaffin kiret na takarda. Ranar Asabar an ɗebi taki a mota. Agwagin maƙwabci suna shigowa wajen tanki. Ina da lambobin mai ƙwan da masu takin.

Na rufe gonar, ba abin da ke fita. Ina roƙon a zo yau a duba, a ɗauki samfuri, a kuma gaya min yadda zan yi da gawarwakin da ƙwan da ke ajiye."

Sai kwatancen gonar da lambata da sa hannu a ƙasa. Dakta ya ka gani?

Dakta Lawal: Yauwa. Wannan ko ni aka kawo wa, da ita zan shiga wajen shugabana in nemi mota. Gyara kaɗan. Sa kwanan wata a gefen kowace rana, don takarda tana daɗewa a fayil, bayan wata uku ba wanda ya san wace Litinin ce. Da safe kafin a tafi da ita a ƙirga na daren a ƙara, a rubuta adadin da suka rage da rai. Ka faɗi mutum nawa ke aiki a gonar da ko akwai mai zazzaɓi ko tari. Ka ambaci gonakin kaji da ke kusa da kai. Kwatance kuma a yi shi yadda baƙo zai gane, daga babban titin Zariya a juya ta ina, wane masallaci ko gidan mai za a wuce, kuma a sa wanda zai tsaya a bakin hanya. Na taɓa yin awa biyu ina neman gona saboda an rubuta min "bayan makaranta".

Kwafi biyu za ka yi. A buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata a dawo maka da ita. Kuma ba kai za ka kai ba, ba Isiya ba. Ka ɗauki hotonta ka tura wa jami'in a waya, takardar kuma ka ba wanda bai taka gonar ba. Ofishin nan masu kaji ne ke shiga da fita, kada takalminka ya raba musu.

Injiniya Nura: To ba gara ya sa gawa biyu a buhu a kai tare da takardar ba? Ko ya wuce da su asibitin dabbobi na jami'a a Zariya, a buɗe a gani nan take. Ni haka nake yi.

Dakta Lawal: A mutuwar yau da kullum haka ne daidai Injiniya, kaza biyu sababbin mutuwa a kula da ƙanƙara. Amma ba a wannan ba. Inda ake zargin murar tsuntsaye gawa ba ta hawa mota, kuma ba a farke ta a gona. Su za su zo da kayan kariya, su goga auduga a maƙogwaro da dubura, su ɗauki abin da za su ɗauka, a aika Vom ta jihar Filato, can ne ake tabbatarwa.

Malam Sanusi, ka ware biyar daga waɗanda suka mutu a ƙarshe, a sa a leda biyu a ɗaure, a ajiye a inuwa cikin gonar da ƙanƙara in akwai. Ba a firjin gida ba. Ka bar musu marasa lafiya masu rai ma, sun fi amfani wajen gwaji. Sauran, tunda ba za a bar su karnuka da ungulu su ja ba, a jera a ɗauki hoto a ƙirga, a haƙa rami mai zurfi ya kai tsayin mutum, nesa da burtsatse da rijiya, a binne. Mai ɗauka ya sa leda ko safar hannu, ya rufe hanci da baki, ya yi wanka da sabulu, kayan aikin su kwana a gona. In jami'in ya ce a jira shi kafin a binne, bi nasa, shi ke wurin.

Maman Khalifa: Isiya fa a gonar yake kwana ko gida yake komawa? Don in akwai kajin gida a gidansu...

Malam Sanusi Rigachikun: Subhanallah, gida yake komawa Hajiya, kuma mahaifiyarsa na da kaji da zabi. Yau a nan zai kwana. Ban yi wannan tunanin ba sam.

Malam Sanusi Rigachikun: Salam. Yau Alhamis da safe mun kwashe 46, goma sha ɗaya a ɗakin yamma. Jimla 126, saura 694. Ƙanena ya kai takardar, an buga hatimi. Sun zo su uku wajen azahar, sun ɗauki samfuri, sun yi feshi a ƙofa, sun ce kada komai ya motsa har sakamako ya fito. Babbansu da takardar a hannunsa ya shigo, yana bi layi-layi yana tambaya, ya fi daɗewa a kan maganar ranar Juma'a. Ya karɓi lambar mai ƙwan da ta masu taki, ya kuma leƙa gidan mai agwagi.

Bala Mai Ƙwai: Ka ba da lambarsa ke nan. To Allah ya sa kada a hana bawan Allah sana'a a kan zato. Da ka kira shi tukuna ka gaya masa.

Malam Sanusi Rigachikun: Na kira shi Bala, tun jiya da dare. Ya ce shi ba inda ya ga kaji na mutuwa, ya kashe waya. Ɗazu kuma shi ya kira ni da kansa yana tambaya wane irin alamu na gani.

Hajiya Asabe Kakuri: Ka riƙe kwafin nan mai hatimi da kyau, ka yi masa hoto ka ajiye a waya biyu. In sun dawo kashewa kada ka sa hannu a kan komai sai an ƙirga a gabanka, ka ga lambar da aka rubuta da idonka. Sun ce yaushe sakamakon?

Malam Sanusi Rigachikun: Ba su yanke rana ba Hajiya, sun ce za su kira. Dakta, ƙwai kiret 41 ne a sito, har da na tun kafin ciwon ya fara, na Asabar da Lahadi. Sun ce kada in taɓa. Su ma na kafin ciwon binne su za a yi?

Dakta Lawal: Na Asabar da Lahadi bayan Juma'a suke, Malam. Kaza tana ɗauke da cutar kafin ta nuna. Ka bar su inda suke, ka ƙirga, ka ƙara a ƙasan kwafinka da kwanan wata, ka ce su ma su rubuta a nasu. Isiya ya kwana lafiya?

Malam Sanusi Rigachikun: Lafiya lau, sai dai ya ƙi cin abinci, yana ganin shi ya jawo. Yanzu ma yana can yana haƙa rami na biyu, bari in je in kama masa.